Waƙa ta jawo wa bidiyonka da'awa a YouTube: ka yanke, ka sauya, ka goge, ko ka sake haɗawa?

Mu ɗauki bidiyon biki na minti 18 da wani mai ɗaukar hoto ya tace ya ɗora a tasharsa ta YouTube, domin dangin ango da na amarya su kalla, masu neman mai ɗaukar biki kuma su ga irin aikinsa. Da ya buɗe YouTube Studio sai ya tarar an rubuta `Copyright` a gefen bidiyon. Da ya shiga ciki ya ga wurare uku aka kama. Na farko daga farkon bidiyon zuwa 1:10, inda shi da kansa ya ɗora wata waƙa da ake yayi a kan hotunan kwalliyar amarya. Na biyu daga 7:20 zuwa 9:05, a wajen dina, inda gwaggon amarya ke yi wa ma'aurata nasiha, mai kiɗa kuma bai kashe sautinsa ba, ya dai rage shi. Na uku daga 14:30 zuwa 15:10, waƙar da ango ya biya wani mawaƙi ya yi musu, har da sunayensu a ciki. Akwai kuma wani guntun hoto na daƙiƙa 12, hoton gari daga sama, wanda ya sauke daga tashar wani ya liƙa a buɗewa. Wannan ba a kama shi ba.

Wuraren nan uku rubutu iri ɗaya aka yi musu a allo, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Abu biyu ke raba su: shin waƙar tana zaune ita kaɗai a layinta, ko ta cakuɗe da maganar mutane tun wajen ɗauka? Sannan, kana da izini a rubuce ko ba ka da shi?

Kafin a taɓa komai sai a tabbatar da irin abin da ya samu bidiyon. Akwai `Content ID claim`, wato da'awa, akwai kuma `Copyright strike`, wato gargaɗin keta haƙƙi. Da'awa na'ura ce ke yin ta. Tun 2007 YouTube ke da tsarin Content ID, inda masu waƙoƙi da finafinai ke ajiye samfurin ayyukansu, duk bidiyon da aka ɗora sai a gwada shi da waɗannan samfura. Idan an samu daidaito, mai abin shi ke zaɓar abin da za a yi: ya sa talla ya kwashi kuɗin, ko ya toshe bidiyon, ko ya riƙa bin alƙaluman kallo kawai. Zaɓin yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa bidiyo zai buɗe lafiya a Kano, ɗan'uwa da ke Jidda ko Landan ya ce shi an hana shi gani. Da'awa ba ta ɓata sunan tasha. Gargaɗi kuwa yana zuwa ne bayan mai haƙƙi ya shigar da buƙatar a sauke bidiyon bisa doka. Yana ɗaukar kwana 90 kafin ya faɗi, shi ma sai in ka yi ɗan darasin da suke kira `Copyright School`, idan kuma uku suka taru a kanka ana iya rufe tashar baki ɗaya. Goge bidiyon ba ya cire gargaɗi, kayan gyaran da za mu kwatanta a nan ma ba sa cire shi. Su na da'awa ne.

## Abin da ake dubawa kafin a ɗora waƙa

Kowace waƙar da aka naɗa haƙƙi biyu ne a kanta. Ɗaya na wanda ya tsara baituka da karin waƙar, ɗaya na wanda ya mallaki naɗin, wato ainihin sautin da ya fito daga situdiyo. Mutum ɗaya yana iya riƙe duka biyun, suna kuma iya kasancewa a hannu daban-daban. Daga nan ne ruɗani da yawa ke tasowa. Idan ka sa wani yaro ya sake rera waƙar da muryarsa, ka kauce wa haƙƙin naɗi, amma na karin waƙa yana nan, Content ID kuma yana kama kari. Idan ƙasida ce ta ɗaruruwan shekaru, baitukan ba na kowa ba ne yau, amma naɗin da wani sha'iri ya yi bara nasa ne.

Tsufan waƙa ma ba ya sakin ta da wuri kamar yadda ake zato. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, naɗin sauti da fim kuma shekara 50 daga fitowarsu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa na ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Cewa ana jin su a kowace tashar mota bai mayar da su na gayya ba.

Akwai wasu maganganu da ke yawo tsakanin masu tace bidiyo waɗanda ba su da tushe. Babu wata doka da ta ce daƙiƙa 10 ko 30 halal ne. Rubuta sunan mawaƙi a ƙasan bidiyo ladabi ne, ba izini ba ne, sai fa idan lasisin waƙar ne ya ce ambaton suna shi ne sharaɗi. Rubuta `No copyright intended` ba ya hana komai. Ƙara saurin waƙa ko sirance muryar mawaƙi don na'ura ta kasa ganewa yana iya ci yau, gobe a kama, kuma ko ba a kama ba mai waƙar yana da ido da kunne.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗora bidiyon a matsayin `Private` ko `Unlisted`, ka jira matakin `Checks` ya gama, ka ga abin da ya fito kafin ka buɗe wa jama'a. Ga waƙar da kake shakka, ba sai ka gama aiki ba: haɗa ta da baƙin allo ka ɗora a ɓoye tun kafin ka fara yanka hotuna a kanta. Sai dai ka san iyakar gwajin. Abin da yake faɗa maka shi ne, a wannan lokacin ba a samu samfurin da ya dace ba. Mawaƙi na iya miƙa waƙarsa ga kamfanin rarrabawa bayan wata shida, da'awa ta sauko kan tsohon bidiyonka. Wannan ya zama ruwan dare da waƙoƙinmu na gida, domin da yawa sai sun yi tashe ake yi musu rajista.

## Hanyoyin gyara, ɗaya bayan ɗaya a kan bidiyon bikin

Hanya ta farko ita ce a bar da'awar yadda take. Mutane sukan raina wannan zaɓin, alhali sau da yawa shi ne mai hankali. Idan bayanin da'awar ya nuna mai waƙar talla kawai zai sa, ba toshewa ba, kai kuma tasharka ba ta shiga tsarin samun kuɗin talla ba, babu kuɗin da ka rasa. Abin da ka rasa shi ne iko: talla za ta riƙa fitowa a kan bikin mutane ba da yawunka ba, mai waƙar kuma yana iya sauya shawara ya toshe duk ranar da ya ga dama. Ga wanda ke cin abinci da tallar tasharsa lissafin ya bambanta, domin waƙar minti ɗaya na iya karkatar da kuɗin bidiyon minti 18. Haka ma a gajerun bidiyo na Shorts: tun da aka tsawaita su zuwa minti 3 a watan Oktoba na 2024, duk wanda ya wuce minti ɗaya kuma yake da da'awa a kansa toshe shi ake yi a ko'ina. A can babu zancen bari.

Sauran hanyoyi uku suna cikin Studio, a jerin zaɓin da ke kusa da kowace da'awa. Amfaninsu babba guda ɗaya ne: bidiyon yana riƙe adireshinsa da yawan kallonsa da sharhin da aka yi masa. Idan an riga an watsa adireshin a zaurukan WhatsApp na dangi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗinsu kuma, bidiyon da ya wuce awa 6 ba ya gyaruwa a nan, wanda kallonsa ya haura 100,000 ma yana iya ƙin adana gyara idan tashar ba ta cikin tsarin samun kuɗi. Ka kuma ɗauka cewa abin da ka adana ya tafi ke nan, don haka asalin fayil ɗin ya kasance a hannunka kafin ka danna komai.

`Trim out segment` yana yanke wurin gaba ɗaya, hoto da sauti. Shi ne mafi tabbas wajen sakin da'awa, tunda abin da aka kama ya fita. Ya dace da wurin da ba a buƙata, misali minti biyu na rawa da kyamara ke ta yawo ba a ga fuskar kowa sosai ba. A bidiyonmu kuwa, yanke 7:20 zuwa 9:05 yana nufin jefar da nasihar gwaggo, ita ce kuma abin da amarya za ta nema idan shekaru sun ja. Yanke buɗewa yana nufin bidiyon zai fara kwatsam ba sallama. Ban ga wurin da wannan zaɓin ya dace a cikin ukun ba.

`Replace song` yana ɗora wani kiɗa daga ɗakin sautin YouTube a wurin da aka kama. Ga da'awa ta farko, wato buɗewa, yana aiki, domin babu magana a wurin, waƙa ce kawai a kan hotuna. Matsalarsa ta sana'a ce. Mai tacewa ya yanka hotunan kwalliyar ne a kan bugun tsohuwar waƙa. A ce tana buga 100 a minti, yana sauya hoto duk bugu huɗu, wato duk daƙiƙa 2.4. Idan sabon kiɗan yana buga 120, bugu huɗu daƙiƙa 2 ne, sauyin hoto na farko zai makara da kusan rabin daƙiƙa, na biyu ya ƙara makara. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya lalace ba, amma zai ji aikin ya yi sanyi. Dabarar ita ce ka ƙirga bugun tsohuwar waƙa na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu, sannan ka nemi kiɗan da ya zo kusa da wannan adadi. Ga da'awa ta biyu kuwa wannan zaɓi bai da amfani, domin sabon kiɗan zai zauna ne a gurbin sautin wurin duka, har da muryar gwaggo.

`Erase song` shi aka yi domin irin da'awa ta biyu. Yana ƙoƙarin zare waƙar ya bar magana, akwai kuma zaɓin a kashe duk sautin wurin. YouTube ta inganta shi a 2024, ita da kanta kuma ta ce ba kullum yake cin nasara ba. Inda yake yin kyau shi ne idan mai magana na kusa da makirufo, kiɗan yana can baya. Inda yake faɗuwa shi ne irin zaurenmu na biki, inda muryar mai magana da kiɗan duk daga lasifika ɗaya suke fitowa, ɗakin yana amsa kuwwa, ga guɗa ga tafi. Idan ya gama, saurara da abin kunne, ba da lasifikar waya ba. Alamun ɓaci su ne murya ta riƙa rawa kamar daga ƙarƙashin ruwa take fitowa, ƙarshen kalmomi su riƙa gutsurewa, ko ragowar ganga ta riƙa leƙowa duk lokacin da mai magana ya ja numfashi. Idan ragowar ta yi yawa da'awar ba za ta saki ba, ka ɓata murya a banza. Kashe duk sautin kuma yana sakin da'awa, amma minti ɗaya da daƙiƙa 45 na tsohuwa tana motsa baki ba a jin ta, wannan ba gyara ba ne.

Hanya ta ƙarshe ita ce a koma manhajar tacewa a gyara daga tushe, a sake fitarwa, a sake ɗorawa. YouTube ba ta barin a musanya fayil a ƙarƙashin tsohon adireshi, don haka kallo da sharhi sun tafi. Idan bidiyon yana ɓoye tukuna, babu abin da ka rasa sai data da lokaci, kuma a ganina duk wanda bai buɗe bidiyonsa ga jama'a ba wannan ce hanyarsa, kada ya ma tsaya kan kayan Studio. A manhajarka kana iya matsar da yankan hotuna su hau sabon bugu, ka sassauta shigar kiɗa da fitarsa, ka ajiye shi can ƙasa da magana yadda ba zai danne ta ba. Mafi muhimmanci, idan a ranar dina ka maƙala wa gwaggo ƙaramin makirufo a wuyan riga, ko ka ja layin makirufo shi kaɗai daga na'urar mai kiɗa, kana da muryarta kusan tsaf, sai ka jefar da sautin kyamara. Wanda bai yi haka ba, abin da ya rage masa shi ne gwada zare waƙar, idan ta ƙi ya zaɓi jimloli biyu ko uku mafi tsabta, ya rubuta sauran a ƙasan allo. Roƙon mai kiɗa ya kashe sauti idan za a yi jawabi ya fi duk wannan arha, sai dai ba kowane ne ke jin roƙo ba idan fili ya ɗauki zafi.

Idan fayil ɗin aikin ya ɓace, sai bidiyon da aka fitar kawai, ana iya gyara sautin daban a manhajar sauti, sannan a mayar da shi ba tare da an sake matse hoton ya rage kyau ba:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -i sabon_sauti.wav -map 0:v -map 1:a -c:v copy -c:a aac -shortest biki_sabo.mp4
```

Sabon sautin dole tsawonsa ya yi daidai da na bidiyon, ya kuma fara daga daƙiƙar farko, in ba haka ba baki da murya za su saɓa har ƙarshe.

## Waƙar da aka biya kuɗinta

Da'awa ta uku ita ce mai ban haushi, domin ango zai ce da kuɗinsa aka yi waƙar, har sunan matarsa a ciki. Abin da ya faru yawanci shi ne mawaƙin ya miƙa waƙar ga kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore don ta hau manhajojin sauraro, aka sa ta a Content ID. Na'ura ba ta san an yi ciniki ba. Wani lokacin ma ba mawaƙin ba ne, mai kiɗan da aka hau ne ya yi wa kiɗansa rajista, ya kuma sayar wa mawaƙa goma. Sunan da ke rubuce a matsayin mai da'awa shi zai nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Biyan kuɗin aiki bai mayar da haƙƙin mallaka hannun ango kai tsaye ba. A dokar Nijeriya, miƙa haƙƙi ga wani ko ba shi izini na shi kaɗai sai an rubuta. Izini na gama-gari yana iya zama na baki, har ana iya fahimtarsa daga yadda aka yi mu'amala, amma izinin baki wuyar nunawa gare shi a akwatin da YouTube ke ba ka ka yi bayani. Hanya mafi gajarta ita ce a kira mawaƙin ya sa kamfaninsa ya saki da'awar a kan wannan bidiyo. Idan za a bi ta `Dispute`, wato jayayya da da'awar, a samu saƙo daga gare shi mai ɗauke da sunan waƙa, sunan tasha, da cewa ya yarda a yi amfani da ita har da samun kuɗi.

Yadda jayayyar ke tafiya kuwa, mai da'awa ke duba ta, ba YouTube ba. Yana da kwana 30 ya amsa, idan ya yi shiru da'awar ta faɗi. Idan ya ƙi, kana iya ɗaukaka ƙara, a nan kwana 7 gare shi, kuma idan ya tsaya kan bakansa hanyarsa ita ce ya nemi a sauke bidiyon, abin da ke jawo gargaɗi. Wato jayayya tsani ce da ke iya ɗaga ƙaramar matsala ta zama babba. Kuɗin talla ana riƙe shi har a gama, kuma idan ka shigar da jayayya cikin kwana 5 da yin da'awar, riƙon yana farawa tun daga ranar farko. Don haka da'awa ta uku ta cancanci jayayya idan takarda na hannu. Ta farko ba ta cancanta ko kaɗan. Ta biyu ma, hujjar cewa "ba ni na kunna ba, a wurin na tarar" ba ta cikin waɗanda za ka dogara da su.

Wasu sukan fake da sassaucin da doka ta yi wa amfani na adalci. Akwai shi, a dokar Amurka ta 1976 da kuma ta Nijeriya, amma an yi shi ne domin abubuwa irin su sharhi, suka, barkwanci, karatu da rahoton labarai. Mai nazarin fim da ya nuna daƙiƙa kaɗan yana bayani a kansu yana da abin faɗa. Wanda ya sa waƙa don ta ƙawata hoton lalle ba shi da shi.

## Ina za a samo madadin?

`Audio Library` na cikin Studio shi ne mafi kwanciyar hankali ga bidiyon da zai zauna a YouTube. Kyauta ne, ana iya samun kuɗi da shi, wasu waƙoƙin dai suna buƙatar a kwafi bayanin mai su a sa a ƙasan bidiyo, ana kuma iya tace su da `Attribution not required`. Rauninsa a wajenmu a fili yake: da wuya ka samu abin da ya yi kama da kalangu ko gurmi, sai ka haƙura da fiyano mai laushi a kan hoton kamu.

Kowane dandali yana da irin wannan rumbu, kuma izinin kowanne a gidansa ya tsaya. `Sound Collection` na Meta domin Facebook da Instagram ne. Waƙoƙin da ke cikin TikTok domin TikTok ne, asusun kasuwanci ma an keɓe masa nasa rumbun daban. Tarkon da ya fi kama masu tacewa a waya shi ne zaɓar waƙa daga cikin CapCut, a fitar da bidiyo a kai YouTube. Kasancewar waƙa a cikin manhaja bai nuna izininta ya bi ka duk inda ka je ba.

Rumbunan biya irin su Epidemic Sound da Artlist sun fi yawan zaɓi da ingancin naɗi, izininsu kuma ya ratsa dandali da yawa. Abu uku ake dubawa kafin a biya. Sai ka haɗa tasharka da asusunka, in ba haka ba da'awa za ta zo ko da ka biya. Bidiyon da ka wallafa lokacin da rajistarka ke da rai yana ci gaba da zama lafiya, amma sabon bidiyo bayan ta ƙare ba ya ciki, ko da waƙar na kan kwamfutarka. Sannan ƙaramin tsari yawanci na tasharka ne kai kaɗai, aikin da za ka miƙa wa ango ya ɗora a tasa tashar yana buƙatar tsarin da ya haɗa da aikin kwastoma. Kuɗin na waje ne, ana cira wata-wata ko shekara-shekara. Ga mai fitar da bidiyo kowane mako yana iya biyan kansa, ga mai biki ɗaya a wata da wuya.

Waƙoƙin Creative Commons kyauta ne amma sai an karanta haruffan. `CC0` babu sharaɗi. `BY` a ambaci mai ita. `NC` ba a kasuwanci da ita, bidiyon da aka biya ka ko mai talla kuwa kasuwanci ne. `SA` yana neman ka saki naka aikin da irin lasisin. Wanda ya fi yaudara shi ne `ND`, mai hana sauya aiki: mutum zai ce ai bai taɓa waƙar ba, alhali lasisin da kansa ya fayyace cewa haɗa waƙa da hoto mai motsi sauyawa ne. Waƙar `ND` ba ta shiga bidiyo. A shafuka irin su Pixabay kuma akwai waƙoƙin kyauta da masu su suka sa a Content ID, sai ka sauke takardar lasisin ka ajiye don ranar jayayya. Tashoshin da ke rubuta `No Copyright Music` a take, ka bi su har shafin mai waƙar ka ga sharaɗin da idonka, ka ɗauki hoton shafin da kwanan wata.

Zaɓin da na fi so ga mai aikin biki shi ne ya nemi makaɗi ko mai situdiyo na gari ya buga masa kiɗa uku ko huɗu marasa murya, mai sanyi da mai zafi, a rubuta yarjejeniya cewa zai yi amfani da su a duk ayyukansa da na kwastomominsa, kuma ba za a sa su a Content ID ba, ko in an sa za a keɓe tasharsa. Biya ɗaya ne, sautin kuma ya dace da hoton. Sharaɗin Content ID ɗin shi ne ba a mantawa, don rashinsa ne ya haifar da da'awa ta uku.

Saura guntun hoton nan na daƙiƙa 12 da ba a kama ba. Shi ne ya fi haɗari a bidiyon duka. Ƙananan masu ɗaukar hoto yawanci ba su da Content ID, don haka ba su da hanyar sa maka talla su wuce. Abin da ke hannunsu shi ne fom ɗin neman a sauke bidiyo, wanda ke zuwa da gargaɗi, YouTube kuma tana da kayan da ke nuna wa mai tasha inda aka sake ɗora hotonsa. Ko dai a tura wa mai shi saƙo a samu amincewarsa a rubuce, ko a musanya da hoto daga Pexels ko Pixabay, ko a fita a ɗauki ƙofar gari da kyamarar hannu. Idan an nemo ta matatar `Creative Commons` ta binciken YouTube, a duba ko mai tashar shi ya ɗauki hoton da kansa, domin wanda ya kwaso na wani ya liƙa masa lasisi bai ba ka komai ba. Tunda babu da'awa a kan guntun, ba zai fito a jerin da'awoyin ba. Idan bidiyon ya riga ya fita, sai a shiga `Editor` a yanke shi da hannu, idan kuma yana ɓoye, a cire shi a manhajar tacewa tare da gyaran buɗewa, a fitar sau ɗaya.